Ya raba mu da ƙurar hunturu, amma saura ƙiris ya jawo mana abin kuka

Duk wanda ke zaune a Zariya ya san halin da gida ke shiga daga Disamba zuwa Fabrairu. Ki share ɗaki da asuba, kafin azahar kina iya rubuta sunanki a kan talabijin. Gidanmu na Hanwa irin ginin da aka saba ne, bulo da kwano da silin na roba, kuma ƙaramar 'yata tana da asma, shi ya sa da maƙwabciyata ta ba ni labarin wani mai toshe kafofin iska na matsa wa maigida sai da ya kira shi. 

Abin da ya fara yi ya burge ni ƙwarai, har yau ban janye wannan ba. Ni na ɗauka tagogi ne matsalar, na ma riga na nuna masa su. Ya ce, "Hajiya, a ba ni turaren tsinke." Ya sa aka rufe ƙofofi da tagogi, aka kashe fanka, ya kunna turaren ya riƙa bin bango da shi sannu a hankali. Inda babu kafa hayaƙin miƙewa yake yi sama, inda iska ke shigowa kuwa sai ya kwanta gefe. A bakin tagogin ya ɗan karkata kaɗan. Da ya kai shi inda silin ya haɗu da bango, da zagayen ƙugiyar fanka, da ramin da aka huda don bututun esi, sai hayaƙin ya watse gaba ɗaya. Ashe yawancin ƙurar ta ƙarƙashin bakin kwano take shiga, ta taru a cikin rufi, sannan ta riƙa zubo mana ta gefen silin.

Ƙofar falo kuma ya auna ta a gabana. Faɗinta santimita 90, kafar da ke ƙarƙashinta santimita 1. Ya ce in an haɗa wannan, daidai yake da rami mai santimita 9 a 10 a jikin bango, kusan tafin hannun babban mutum, a buɗe dare da rana. Ya yi mini bayanin cewa iskar ɗaki mai ɗumi sama take yi ta fice ta kafofin silin, ita kuma mai sanyi ta shigo ta ƙarƙashin ƙofa ta maye gurbinta, shi ya sa ƙafafu ke daskarewa da asuba ko an rufe ko'ina. Ya sa roba a gefen ƙofar, ya ɗaura mata burushi a ƙasa. Gefen silin ya bi da silikon, bayan ya goge wurin tas da tsumma, domin a cewarsa silikon ba ya kama ƙura, ɓarewa yake yi. Ramin bututu ya cika da kumfar gwangwani, ya yanke abin da ya fito, ya shafe na waje da siminti saboda rana tana cinye kumfar ta mayar da ita gari. Wallahi a wannan makon na ga bambanci. Shara ta ragu, tarin yarinyar na dare ya lafa, na yi ta yabonsa a gidan suna da gidan biki.

To, ga inda raina ya ɓaci, kuma har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi. Surukata, Hajiya Babba, tana ɗakin da ke kusa da kicin. Duk sanyi sai an sa mata garwashin gawayi a kasko, tun tana ƙauye haka take yi. Ɗakinta yana da bulo mai ƙofofi guda biyu can sama kusa da silin. Mutumin nan ya shiga ɗakin, ya ga kaskon da idonsa, har ya matsar da shi gefe don ya kafa tsani, sannan ya cike bulon nan da siminti, ya sa roba a ƙofa da taga, ya fita bai ce uffan ba. Wani dare cikin Janairu da sanyi ya tsananta, aka kai mata kaskonta kamar kullum, babbar 'yata ta kwana wurinta. Wajen asuba yarinyar ta fito tana amai, ta ce kanta kamar zai tsage. Muka shiga muka tarar da Hajiya ta kasa tashi, jiri yana ɗibarta, maganarta ma ba ta fita sosai. Maigida ya wangale ƙofa da taga, muka fito da su tsakar gida, daga nan sai asibiti.

Likita ya ce iskar kabon monoksaid ce, wadda gawayi ke fitarwa, musamman in iskar ɗaki ta yi kaɗan. Ba ta da wari, ba ta da launi, garwashin da ya daina hayaƙi ma yana fitar da ita, kuma mai barci ba ya farga. Ya ce ko da can kaskon nan haɗari ne, kafofin ɗakin ne suke rage shi. Alamar da ya ce a riƙe ita ce mutum biyu ko fiye su tashi da ciwon kai da tashin zuciya a ɗaki ɗaya, su kuma ji sauƙi da zarar sun fita waje. Allah Ya taƙaita, dukansu sun warware. Kasko dai ya bar ɗakin kwana a gidan nan, bargo muka ƙara wa Hajiya.

Da maigida ya kira mai toshe kafofin, cewa ya yi, "Alhaji, ai ƙura aka ce in hana." Wannan amsar ta fi komai ba ni haushi. Wanda ya iya karanta hayaƙin turare ya san ɗaki yana buƙatar mashigar iska da mafita, kuma duk inda ake kunna wuta, ko gas ko risho ko gawayi, ba a toshe shi ruf. Ashe bulo mai ƙofofi na kicin ma ya cike, har da na banɗaki.

Sauran ɓarnar a hankali ta fito. Bakin kwanon ya liƙe shi da siminti zagaye, don haka da zafin Afrilu ya zo, iskar cikin rufi ta rasa hanyar fita, silin ya riƙa sauke mana zafi har tsakar dare. Wani magini da muka kira daga Samaru ya ce toshiyar a kan silin ya kamata ta tsaya, shi kuwa cikin rufi a bar shi yana shan iska, a sa masa raga saboda jemage da ɓera. Shi ya fasa wurare a bakin kwanon ta gaba da ta baya, ya buɗe bulon kicin da na banɗaki da na ɗakin Hajiya, ya sa musu raga. A ɗakunan kwana mukan buɗe taga da ƙofa da hantsi in iska ta kwanta, ta ratsa ta fice, sannan mu rufe. Ƙura tana ɗan shiga, amma ba ta kai rabin ta da ba.

In za ku kira shi, ku kira shi don ƙofa da gefen silin da ramin bututu, a nan hannunsa yana da kyau. Amma ku tsaya a kansa, kar ya taɓa bulo mai ƙofofi, kar ya liƙe bakin kwano. Kuɗin maginin da na asibiti daga aljihunmu suka fita, shi kuwa ko sannu bai zo ya yi wa Hajiya ba.