VWAP ko EMA: wane layi ne mizanin farashin yini?

"Salam 'yan'uwa. Ina saye da sayar da hannun jarin Amurka a yini guda, ba na kwana da kaya. EMA 9 nake amfani da shi, sai wani ya ce in koma VWAP. To ba duka matsakaicin farashi ba ne? Mene ne bambancinsu, kuma wanne zan riƙe?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Duka matsakaici ne, amma ba abu ɗaya suke aunawa ba. EMA farashin rufe kyandir kawai yake kallo, wato sandar da ke nuna motsin farashi na wani ɗan lokaci a allo, yana fifita na baya-bayan nan, ba ruwansa da ko kaya nawa aka sayar a wannan farashi. VWAP kuwa kowane farashi sai ya ɗora shi a sikeli da yawan hannun jarin da aka yi cinikinsu a kansa. Kamar a ce an sayar da buhu 100 na masara a Dawanau da safe a farashi ɗaya, da hantsi wani ya sayi buhu 5 da tsada. Wanda ya san kasuwa ba zai ce maka farashin masara yau shi ne na mai buhu biyar ba.

Ga yadda ake lissafinsa, ana tarawa tun daga buɗe kasuwa:

```
farashi = (high + low + close) / 3
VWAP = jimlar (farashi × volume) / jimlar volume
```

Mu ƙaddara wani hannun jari, a kyandir na minti biyar-biyar. A na farko an yi cinikin guda 100,000 a dala 50, wato dala 5,000,000. A na biyu guda 20,000 a dala 52, dala 1,040,000 ke nan. A na uku guda 5,000 kacal a dala 54, dala 270,000. Kuɗin duka ya kama 6,310,000, kayan kuma 125,000. Ka raba, VWAP ya tsaya a 50.48. Da farashin uku kawai ka haɗa ka raba uku, 52 za ka samu. Ido yana ganin kaya na tashi da ƙarfi, alhali kashi 80 cikin ɗari na cinikin a dala 50 aka yi shi, kuma masu biyan 54 ba su taka kara sun karya ba. Idan ka saya a 54, ka fi matsakaicin mai saye na ranar tsada da dala uku da rabi. Wannan bayanin EMA ba zai taɓa ba ka shi ba.

Bambanci na biyu shi ne mafari. VWAP yana share allo kowace rana, ya fara daga sifili lokacin da NYSE da Nasdaq suka buɗe da ƙarfe 9:30 agogon New York, wato 2:30 na rana a Kano ko Yamai daga Maris zuwa farkon Nuwamba, 3:30 kuma a sauran watanni. EMA yana shigowa da kayan jiya. Ranar da kamfani ya fitar da rahoton riba da dare, farashi ya wayi gari ya tsallake sama, za ka ga EMA can ƙasa yana ta sassarfa don ya kamo, kyandirori da dama ba ya gaya maka komai. Sannan EMA 9 na minti ɗaya daban, na minti biyar daban, kowa da nasa layin. VWAP ko ka canza tsawon kyandir, kusan wuri ɗaya za ka same shi. A ganina wannan ne babban dalilin da ya sa ya cancanci zama mizani: ni da kai da ma'aikacin babban banki layi ɗaya muke kallo.

Asalinsa ma ba don irinmu aka yi shi ba. Manyan masu zuba jari ne ke auna dillalansu da shi, kuma tun 1988 masana uku, Berkowitz da Logue da Noser, suka yi rubutu a kan amfani da shi wajen auna tsadar ciniki a NYSE. Dillalin da aka ba shi aikin sayen guda miliyan, in matsakaicin sayensa ya faɗi ƙasa da VWAP ya yi ƙoƙari, in ya haura sai ya yi bayani. Amma a nan nake so ka yi hattara, don ana yawan cewa manya suna tsaron layin. Na'urorin da ke yi musu wannan ciniki suna yanka odar ne ƙanana-ƙanana su rarraba ta cikin yini daidai da yadda ciniki ya saba gudana. Ba katanga suka gina a wurin ba. Farashi kan tsaya a layin, kan kuma ratsa shi kamar babu.

Inda EMA ya fi shi kuwa shi ne da yamma. Ɗauki wani sabon kyandir mai guda 40,000 a dala 53. In ya zo na huɗu da safe a misalinmu, VWAP zai tashi daga 50.48 zuwa 51.09, santi 61 a take. In kuma ya zo awa ɗaya kafin a tashi, bayan an tara cinikin guda 4,000,000 kuma layin na kan 51.00, zai koma 51.02 ne kawai. Santi biyu. EMA 9 da ke kan 51.00 kuwa yana ba sabon kyandir kashi ɗaya cikin biyar na nauyi, sai ya tashi zuwa 51.40, da safe ne ko da yamma. Ka ga VWAP yana yin nauyi yayin da yini ke tafiya. A mintunan farko yana rawa don bai tara komai ba, a ƙarshe kuma ya zama kamar dutse. Wanda ya jira farashi ya dawo kan VWAP kafin ya fita da yamma, yana iya mayar da ribar yini duka.

Ni ga yadda nake haɗa su. Ina barin rabin awar farko ta wuce, sannan in tambayi VWAP wace irin rana ce. In layin ya karkata sama, farashi yana bisansa, duk lokacin da ya sauko kusa ciniki ya ragu sannan ya sake tashi, ranar tafiya ce. A irinta ba na sayarwa don kawai farashi ya yi nisa da layin. Ina jiran saukowa in saya, in sa iyakar asara ɗan ƙasa da layin, ba a kansa daidai ba, sannan in bar EMA ya gaya mini lokacin fita. In kuwa layin ya kwanta, farashi ya ratsa shi sau huɗu ko biyar kafin tsakar ranar New York, to tsallaka layin ba alama ba ce. Na taɓa yin asara sau uku a jere a rana irin wannan, ina saye a sama ina sayarwa a ƙasa, ban gane ba sai da na ƙirga ratsawar.

Kafin ka dogara da shi, duba abu biyu a manhajarka. A TradingView tabbatar Anchor Period yana kan Session, kuma ka san ko kana kan RTH ne, wato awannin kasuwa na ainihi, ko ETH mai haɗawa da cinikin kafin buɗewa da bayan tashi, don in cinikin kafin buɗe kasuwa ya shiga lissafi layinka zai bambanta da na wasu. Sai kuma kayan da kansa. Hannun jarin da ba a yawan cinikinsa, ko a New York ko a kasuwar Legas, babbar oda guda ɗaya tana iya jan layin ta daskarar da shi har a tashi. A irin wannan kaya ba matsakaicin kasuwa kake kallo ba, cinikin mutum biyu ne, kuma gara ka nemi wani kayan mai motsi.