Sharhi kan Sashen Gashin Ƙashi da Muka Kai Hajiya Saboda Ciwon Gwiwa

Na kai mahaifiyata wani asibitin kuɗi mai sashen gashin ƙashi saboda amosanin gwiwa da ya daɗe yana damunta, kuma zan iya cewa kuɗinmu bai tafi a banza ba, ko da yake akwai ƙorafin da har yanzu yake ci mini rai. Hajiya ta haura shekara sittin, tana da jiki, gwiwarta ta dama ce ta fi matsa mata. Hoton ƙashi ya nuna guringuntsin ya zaizaye ta ɓangaren ciki, shi ya sa da asuba gwiwar takan sage na 'yan mintuna, idan kuma ta tashi daga tabarma sai an kama ta.

Abin da ya burge ni ya faru ne tun kafin a taɓa gwiwar. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta ce Hajiya ta yi tafiya zuwa ƙofa ta dawo, ta tsaya tana kallonta, sannan ta ce, "Mama, ki mayar da sandar hannun hagu." Hajiya ta yi mamaki, domin a ganinta ƙafar da ke ciwo ita ce ke buƙatar sanda kusa da ita. Ma'aikaciyar ta bayyana cewa ana riƙe sanda ne a hannun da ke ɗaya ɓangaren, a jefa ta gaba lokaci guda da ƙafar mai ciwo, ta yadda nauyin jiki zai rabu tsakaninsu maimakon mutum ya riƙa karkata kan gwiwar da ta gaji. Ta kuma nuna mana sandar ta yi tsawo, domin mariƙinta ya kamata ya tsaya daidai wuyan hannu idan mutum ya miƙe ya saki hannuwansa. Aka rage tsawon, Hajiya ta sake takawa, na ga da idona ɗingishin ya ragu.

Daga nan ta koya mata motsa jiki iri biyu na ƙarfafa tsokar gaban cinya, wadda ita ce ke tallafar gwiwa. Na farko shi ne ta zauna kan kujera mai ƙwari, ta miƙe, ta koma a hankali ba tare da ta faɗa ba, sau 10. Na biyu kuma ta kwanta rigingine, ta lanƙwasa ƙafa ɗaya, ta ɗaga ɗayar a miƙe, ta riƙe na daƙiƙa 5. Ta ce ɗan zafi lokacin motsin ba illa ba ne, amma idan gwiwar ta kumbura ko ciwon ya ƙaru har ya kai washegari, to an wuce gona da iri, sai a rage adadin, kada a daina. Haka ma tafiya, gara minti 10 safe da yamma a shimfiɗaɗɗen wuri da takalmi mai taushin ƙasa, da a kwana biyu a zaune sannan a yi doguwar tafiya zuwa gidan biki.

Sai dai ranar da ba ta zo aiki ba, wanda ya maye gurbinta bai ko buɗe katin Hajiya ba. Ya kunna mata fitilar gashi, ya bar ta kwance, bai tambayi yadda motsa jikin yake tafiya ba, daga ƙarshe ya shiga tallata mana wasu ƙwayoyi masu tsada da ya ce suna sake tsiro da guringuntsi. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai, domin guringuntsin da ya zaizaye ba ya dawowa da ƙwaya, kuma ɗumin fitila sauƙi ne na ɗan lokaci. Kuɗin da muka biya ranar daidai yake da na sauran ranaku.

Maganar nauyi ma an yi mata riƙon sakainar kashi. An gaya mana cewa duk kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku, kuma rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki yana kawo sauƙin da ake ji. Ga Hajiya mai kilo 90, wannan na nufin kilo 4 da rabi zuwa 9. Amma babu wanda ya zauna da ita ya yi maganar malmalar tuwon dare, ko sukarin da take zubawa a koko da fura, mu ne muka tsara hakan a gida.

Yanzu tana tashi daga kujera ba tare da an kama ta ba, ta kuma rage shan maganin kashe zafi, wanda dama likitanta ya gargaɗe ta a kansa saboda hawan jini da ƙoda. Har yanzu a kan kujera take salla, tsugunno kuma yana yi mata wuya. Duk wanda zai kai dattijonsa irin wannan wuri, ya nemi ma'aikaci ɗaya ya riƙa duba shi daga farko zuwa ƙarshe, ya kuma sa a rubuta masa tsarin motsa jikin a takarda kafin ya biya kuɗin zama na gaba.