Sharhina kan manhajar ƙamus mai sauti: lead, tear da wind

Ina koyar da yara Turanci a lesin na yamma, yawancinsu masu shirin WAEC da NECO ne, kuma abin da ya sa na sauke wannan manhajar ƙamus ɗin a waya shi ne kalmomin nan da rubutunsu ɗaya amma furuci da ma'ana daban. A jarrabawar furuci suna kayar da yara sosai wallahi, don za a ba ka kalma a ce nemo wadda sautin wasalinta ya yi daidai da ita.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta cusa su waje ɗaya. In ka rubuta lead za ta kawo maka gida biyu, kowanne da ɗan maɓallin lasifikarsa. Na farko ana jan sa, liid, wato jagoranta ko kai wa ga wani abu. Na biyu gajere ne, led, wato dalma. Na rubuta wa yaran wannan jimla a allo:

Lead poisoning can lead to death.

Kusan duk ajin liid suka karanta sau biyu. Sai na tuna musu gubar dalmar nan ta Zamfara a 2010, wadda ta kashe ɗaruruwan yara a ƙauyukan da ake haƙar zinare, na ce to kalmar farko ita ce wannan dalmar, ga ta zaune gaban poisoning tana faɗin irin gubar, saboda haka led za a ce. Ta biyun kuwa ta biyo bayan kalmar can ta Turanci, kuma abin da ke bin can aikatau ne, dalma kuma suna ce, kenan dole liid. Muka danna lasifikar suka ji da kunnensu, nan take abin ya zauna.

Wind ma haka. In iska ce wind ake cewa, kamar farkon windo ɗinmu na ɗaki, in kuma naɗe zare ne ko wana agogo sai ya koma waind. Manhajar tana nuna sigar abin da ya wuce, wound, ana furta shi waund, wanda shi kuma rubutunsa ɗaya da wound na rauni da ake cewa wuund. Wannan kam na ji daɗi da suka haɗa su da mahaɗi, dannawa ɗaya ka isa.

Sai dai fa kar wani ya ɗauka bambance suna da aikatau ya gama magana, a kan tear dabarar ke karyewa. A tear in her eye da a tear in her dress, duka biyun suna ne, ginin jimlar iri ɗaya sak, kalmar ƙarshe ce kaɗai ke raba gardama. In ido ne to hawaye ne, tiya, irin na tiyagas da muka ara. In riga ce to yagewa ce, teya, mai amo ɗaya da hair. Shi ma lead yana zuwa suna da dogon sauti, take the lead liid ne, ba ruwansa da dalma. Misalan jimla da ke ƙarƙashin kowane gida su ne suka fi amfani a nan, ni su nake fara karantawa kafin ma'anar ma.

Yanzu inda ta gaza. Akwai ɗan akwatin da ke fitowa in ka danna kalma kana cikin karatu a wani shafi, to shi gida na farko kawai yake ɗaukowa, bai duba maƙwabtan kalmar ba sam. Wata ɗalibata ta danna wind a cikin wind the thread ya ce mata iska, ita kuma ta yarda ta kwafe a littafi. Wannan ya dame ni gaskiya, don yaro in waya ta faɗa masa abu ba ya musu. Sannan sautin ba ya aiki sai da data in ba ka riga ka sauke shi ba, kuma yana cin wuri.

Abin da ya sauƙaƙa min shi ne yaranmu sun saba da wannan a Hausa ba su lura ba ne kawai. Ba wanda zai ga miyar kuka a rubuce ya ɗauka hawaye ne, ko ya ga ya shiga gari ya ce garin tuwo ake nufi, alhali boko bai nuna karin sauti ko tsawon wasali ba.

Zan ba ta huɗu cikin biyar. Mai saukewa ya kashe ɗan akwatin nan a saitin, ya riƙa buɗe cikakken shafin kalmar.