Vital, Serum ko Sylenth1: wanne za ka ɗauka idan sautin tsinke kake nema?

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai kaɗa kuntigi ko gurmi ya san sautin da nake magana a kai. Yatsa na taɓa tsirkiya sauti ya fito da kaifi nan take, kafin ka ƙifta ido kaifin ya dushe, sai ɗan amo ya rage yana mutuwa. Goge ba haka yake ba, shi a hankali yake shigowa, kuma yana nan muddin ana goga shi. A kiɗan rawa na kwamfuta, sautin da ke ɗauke da karin waƙa a sama galibi irin na kuntigin ne, ni kuma tsinke nake ce masa. Tambayar da ƙannena masu koyon haɗa kiɗa a FL Studio suka fi yi mini ita ce wace manhaja za su nema don su same shi.

Ba zan ɓoye ba, Vital nake so. Amma kafin in faɗi dalili, bari mu gina sautin tare, domin wanda bai san abin da zai murɗa ba, ko wace manhaja aka ba shi asara ce.

A ce kiɗanka yana tafiya a 120 BPM. Raba 60000 da 120, ka sami milisakan 500, tsawon bugu ɗaya ke nan. Rabinsa 250, kwatansa 125. Idan karin naka yana tsalle a kan rabin bugu, kowane sauti yana da milisakan 250 kacal kafin na gaba ya iso. Wannan lissafin shi ne ma'auninka a duk abin da zai biyo baya.

Buɗe Vital ba tare da ka ɗora komai ba, za ka ji sauti mai zaƙi da ƙaiƙayi kamar zarto, yana tsaye ƙyam muddin ka danne. ENV 1 ne ke riƙe da ƙarar sautin. Sa ATTACK a wajen milisakan 2. Idan ka kai shi sifili, sau da yawa za ka ji wani "ƙis" a bakin kowane sauti. Wasu na son sa, ni kan bar shi idan ganguna sun cika wurin. Idan kuma ka haura milisakan 20 ko 30, tsinken ya tafi, ka koma goge. Sauke SUSTAIN ƙasa gaba ɗaya, ka sa DECAY a wajen milisakan 300. Yanzu ko ka danne maɓalli ka ƙi sakewa, sautin zai mutu da kansa.

RELEASE ne ke ruɗa mutane. Ba ya fara aiki sai an saki maɓalli, kuma daga inda ƙarar ta tsaya a lokacin yake ɗauka. Idan ka zana dogon sauti a Piano roll, DECAY ya riga ya cinye shi kafin a saki, don haka ko ka murɗa RELEASE har ƙarshe ba za ka ji bambanci ba, sai ka ɗauka manhajar ce ta lalace. Idan kuwa gajeru ka zana, masu milisakan 125, ana sakin su tun da sauran ƙarfi, jelar duk tana hannun RELEASE. A nan nakan sa shi tsakanin 120 da 180, yadda jelar za ta mutu daidai lokacin da na gaba ke shigowa. Ka kai shi 600 ka ji yadda sautuka ke hawa kan juna, karin ya dagule kamar kunun da ba a dama ba. Ka sauke shi zuwa 10, sai ka ji kamar an datse da almakashi.

Har yanzu dai ba mu sami kuntigi ba, ƙara kawai muka rage. Abin da ke sa kunne ya yarda an tsinki tsirkiya shi ne kaifin ya riga ƙarar mutuwa, wannan kuma aikin filta ne. Kunna FILTER 1, zaɓi Analog 24dB, ka ja CUTOFF ƙasa har sautin ya zama kamar daga ɗakin maƙwabta yake fitowa, wajen 300 zuwa 400 Hz. Sai ka kama ENV 2 da linzami ka jefa shi a kan CUTOFF. A ENV 2 ɗin, ATTACK sifili, SUSTAIN sifili, DECAY wajen milisakan 150, wato rabin na ENV 1. Yawan buɗewar da ka ba shi shi ne ƙarfin yatsan makaɗi: kaɗan ya ba ka sauti mai taushi kamar na itace, da yawa ya ba ka mai cizo. RESONANCE kaɗan ya isa, idan ya yi yawa sai sautin ya fara kukan kwaɗo.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko, ENV 2 ma yana da nasa RELEASE. Idan ka bar shi gajere, filta za ta rufe da zarar an saki maɓalli, jelar da ka wahala wajen gyarawa a ENV 1 ta zama gunaguni. Ka kusantar da shi da DECAY ɗinsa. Na biyu, idan karin ya hau sama sai ka ji manyan sautuka sun shaƙe alhali na ƙasa lafiya lau. Dalili shi ne filtar tana tsaye wuri ɗaya. Murɗa KEY TRK zuwa rabi ko fiye, ta riƙa bin sautin sama da ƙasa.

To ga dalilin da ya sa nake tura kowa wajen Vital. Duk abin nan da na faɗa, da idonka za ka gan shi yana faruwa. Zanen ENV yana motsi yayin da sauti ke tafiya, layin filta yana buɗewa yana rufewa a gabanka, lokutan kuma da ainihin sakan aka rubuta su, don haka lissafin 250 da 125 ɗin nan kai tsaye za ka shigar, a matsayin sakan 0.25 da 0.125. Kana ma iya lanƙwasa gangaren DECAY ɗin, ya faɗo da sauri a farko sannan ya ja jela, wanda shi ne ainihin halin tsirkiya. Matt Tytel ne ya fitar da shi a 2020, kuma abin da ya fi burge ni shi ne na kyautar ba gurgu ba ne: injin ɗaya ne da na kuɗin. Abin da ake ƙara wa wanda ya biya dala 25 ko 80 galibi sautuka ne da aka riga aka haɗa, kai kuwa ga shi yanzu ka haɗa naka. Aibinsa ɗaya ne da ya kamata ka sani tun kafin ka ƙona data: yana buƙatar kwamfutar da ke ɗaukar OpenGL 3, tsohuwar laftof tana iya ƙin nuna shi. Idan kuma ka cika UNISON har 16 a kan duk OSC uku, kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi za ta fara tari. Tsinke ba ya buƙatar haka, murya 3 ko 4 da DETUNE kaɗan sun wadatar.

Serum na kamfanin Xfer Records, wanda ya fito a 2014 aka kuma sabunta shi zuwa Serum 2 a 2025, zai yi duk wannan ba tare da gardama ba, kuma ya fi kowa tarin sautukan sayarwa. Sai dai ban ga hikimar biyan makudan daloli don ENV biyu da filta ɗaya ba. Sylenth1 tsohon hannu ne tun 2007, ba ya cin ƙarfin kwamfuta, filtarsa tana da daɗi, shi zan ce ka duba idan laftof ɗinka ta ƙi Vital. Amma ma'auninsa daga 0 zuwa 10 yake, ba milisakan ba, sai ka yi ta lalube da kunne. Nexus kanti ne na kayan da aka riga aka ɗinka. Surge XT kyauta ne kuma mai ƙarfi, amma fuskarsa kaɗai ta isa ta kori ɗan koyo.

Yanzu ga inda na ƙone. Shekarun baya na biya wani mai shagon tura manhajoji ya cika mini filash da abin da ya rantse "orijinal" ne. Kirak ne duka, wato manhajojin sata da aka fasa wa kariya. Wata uku ina aiki lafiya, har ranar da wata mawaƙiya ta zo da ƙanenta karɓar aikin biki. Na buɗe fayil, FL Studio ya ce bai ga filogin ɗin ba. Na sake sakawa, ya buɗe, amma duk saitin ya koma fari, tsinken da na kwana biyu ina gyarawa ya zama zarto tsirara. Ta dube ni ta ce, "Malam, wannan ba ita ce waƙata ba." Ban iya maimaita shi ba, domin firiset, wato sautin da wani ya riga ya haɗa, na ɗora na ɗan taɓa, ban san me ke cikinsa ba. Daga baya kuma na gano filash ɗin ya shigo mini da ƙwayar cutar da ta ɓoye manyan fayilolina.

Don haka ka kula da waɗannan. Wanda ya ce zai sayar maka da Vital, kyauta yake sayar maka, a vital.audio ake buɗe asusu a sauke. Wanda ya ce zai ba ka Serum a kuɗin katin waya, kirak ne, domin lasisin gaskiya da sunanka da imel ɗinka yake zuwa, kuma kana iya shiga asusunka ka gan shi. Duk fayil ɗin da ya ce sai ka kashe kariyar kwamfutarka kafin ya shiga, ya riga ya faɗa maka ko shi wane ne. Wani kuma gwajin Sylenth1 zai saka maka a matsayin cikakke, sai kana tsakiyar aiki ka ji murya tana gode maka da ka gwada.

Masu sayar da tarin firiset a WhatsApp su ma sai a hankali. Da yawa na kyauta ne aka sauya wa suna. Wasu kuma ba firiset ba ne sam, fayilolin WAV ne, sauti ɗaya da aka naɗa; ba ka da iko da filtarsa ta asali, kuma idan ka hau da shi sama sai ya gajarce, ka sauko ƙasa ya miƙe. Dubi ƙarshen sunan fayil: na Vital .vital ne, na tsohon Serum .fxp. Idan mai sayarwa ya turo maka samfurin ji, ka ce ya kashe REVERB da DELAY ya sake turowa. Amon ɗaki yana rufa wa raunin tsinke asiri, kuma rabin abin da ke burge ka a tallar shi ne wannan amon.

Gwajin ƙarshe da nake yi wa kowane tsinke, nawa ko na saye, shi ne in fitar da shi tare da ganguna in saurara a lasifikar waya, tunda nan yawancin masu saurarenmu za su ji shi. Ƙaramar lasifika ba ta fitar da ƙasan sauti, don haka idan ka rufe CUTOFF da yawa, abin da ya cika ɗaki a situdiyo zai koma ɗan "ƙis ƙis" a waya. Idan haka ta faru kada ka ƙara ƙara. Ɗaga CUTOFF kaɗan, ko ka tsawaita DECAY na ENV 2 daga 150 zuwa wajen 200, ka sake turawa wayar ka ji.