Bin layi ko bin wa'adi, wanne za a fara da shi?

"Salam 'yan uwa, ni ke karɓar korafin kwastomomi a shagon sola da muke da shi a Ringim, mai gyaranmu ɗaya ne. Oga ya ce mu daina bin wanda ya fara kira mu koma bin wa'adi, ni kuma gani nake zalunci ne. Wanne ya fi?"

Wa alaikumus salam Malam. Ni dai a irin aikinku ina bayan oga, amma da sharaɗi.

Wa'adin nan, wanda a manhajar korafi za ka ga an rubuta SLA, alkawari ne na lokaci kuma agogo biyu gare shi, na amsawa da na kammala gyara. Ba kowane korafi ake ba wa awanni iri ɗaya ba, ana duba mutum nawa abin ya shafa da kuma ko zai iya jira. A ce kun tsara haka: babbar matsala awa 4, matsakaiciya a gama kafin tashi ƙarfe 5, ƙarama kwana 3.

To ga safiyar Litinin ƙarfe 9, aiki uku na gabanka. Mai kanti ya kira tun Asabar kan ƙwan fitila ɗaya da ya mutu, aikin awa 1, wa'adinsa bai kusa ba. Mai cajin waya ya kira ƙarfe 8 inbatarsa na ɗaukewa tana dawowa, aikin awa 3, wa'adi ƙarfe 5. Yanzun nan kuma mai unguwa ya kira daga wani ƙauye cewa famfon burtsatse ya tsaya cak, tafiya da gyara awa 3, wa'adi ƙarfe 1.

In ka bi layi, mai kanti 9 zuwa 10, mai caji 10 zuwa 1, burtsatse sai ƙarfe 4 za ta kawo ruwa, kun saɓa alkawari da awa 3 kenan, mata da yara na can da jarkoki tun safe saboda ƙwan fitila. In ka bi wa'adi kuwa burtsatse 9 zuwa 12, mai caji 12 zuwa 3, mai kanti 3 zuwa 4, awa 7 ɗin dai ce mai gyaran ya yi kuma babu wanda aka saɓa wa. Kuma ka lura, ba ƙarfe 1 za ka riƙa kallo ba, cire awa 3 na hanya da gyara, wato in mashin bai tashi ƙarfe 10 ba an riga an makara ko da allon manhajar bai nuna ja ba, balle da damina da hanyar ƙauye ke cin lokaci.

Bin layi fa yana da wurinsa. In ayyukan duk kusan iri ɗaya ne, kamar ɗaga waya, shi ya fi adalci kuma ba ya jawo gardama, shi ya sa cibiyoyin karɓar kira da yawa ke bin layi kawai su auna kansu da ɗaga kashi 80 na kira cikin daƙiƙa 20.

Sharaɗin da na ce kuwa, a nan tsoronka na zalunci yake da gaskiya. Idan oga ya ce abin da yake so kawai a gama kashi 90 na korafi cikin wa'adi, to duk wanda nasa ya riga ya wuce ya zama maraya, domin ko a gyara masa yau ko bayan sati biyu a lissafi saɓawa ɗaya ce, sai kowa ya ruga ceton waɗanda wa'adinsu bai wuce ba a bar bawan Allah yana ta kira ana ce masa gobe. Haka ma za ka ga ana tura "mun samu saƙonka" don a tsayar da agogon amsawa alhali ba a taɓa komai ba, ko a rubuta "muna jiran kwastoma" don agogo ya dakata. Wannan kam cin amana ne wallahi.

Gane shi ba wuya, kullum da safe ka duba korafi mafi daɗewa kwanansa nawa, ka ƙirga mutum nawa suka sake kira kan abin da aka ce an gama. In alƙaluman oga na kyau amma waɗannan biyun na hawa, akwai matsala. Ku sa doka cewa wanda wa'adinsa ya wuce shi ne kan gaba sai dai in babbar matsala ta shigo, kuma wa'adin ƙaramin aiki ba a ɗaga shi, in kwana 3 ɗin mai kanti sun zo ƙarewa shi ma ya hau sama. Tun a wayar farko ka faɗa masa ranar da za a zo, ka rubuta a littafi a gefen sunansa.