CV ta neman aiki da CV ta neman tallafin karatu: ina suka rabu?

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Na karanta ilimin ƙananan ƙwayoyin cuta, shekarata biyu ina aiki a ɗakin gwaji na wani asibiti. Zan nemi tallafin digiri na biyu a waje. CV ɗin da na samu aiki da ita za ta yi, ko sai na rubuta wata?"

Wa alaikumussalam 'yar'uwa. Sai kin sake ta, domin masu karantawar ba abu ɗaya suke nema ba. Mai ɗaukar ma'aikaci yana son ya san abin da za ki iya yi masa ranar Litinin da safe. Kwamitin tallafi kuwa galibi malaman jami'a ne, abin da suke dubawa shi ne wace tambaya ce ke damunki a fanninki, kuma mece ce shaidar cewa za ki iya bin ta har ƙarshe.

Daga saman takarda bambancin ke farawa. A ta aiki, akan buɗe da aikin da ake yi yanzu. A ta tallafi, bayan suna da imel, sai layi biyu ko uku ƙarƙashin Research Interests, wato abin da ake son bincika, sannan karatu, bincike, kyaututtuka, shugabanci, sai aiki ya zo a baya. Layukan nan na farko su ne mutane suka fi ɓatawa. Wanda ya rubuta cewa yana sha'awar "lafiyar al'umma" bai faɗi komai ba, duk masu nema haka za su ce. Amma idan kika ce kina son bincikar yadda ƙwayoyin cutar da ke cikin ruwan rijiya suke bijire wa magunguna, malamin da ke wannan aiki zai gane ɗalibarsa nan take. Kafin ki rubuta, ki buɗe shafin sashen da kike nema ki ga abin da malamansa suke bincike a kai. In ba wanda ke kusa da tambayarki, to sashen ne bai dace da ke ba.

Furojet ɗin shekarar ƙarshe, wanda a CV ta aiki ko ambatonsa ba a cika yi ba, a nan shi ne jarinki. Mu ɗauka kin gwada ruwan rijiyoyi. Ki sa taken aikin da sunan malamin da ya duba shi, sannan ki faɗi abin da hannunki ya yi: samfur 60 daga rijiyoyi 12, hanyar gwajin da kika bi wajen neman ƙwayar cutar E. coli, da adadin rijiyoyin da suka kasa cika ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya ce kada a samu ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwan sha. Layi uku sun isa. Haka za ki yi wa aikin asibitin. Maimakon jero "karɓar samfur, rubuta sakamako", ki ɗauko abin da ya haɗu da tambayarki, kamar gwajin gano maganin da ke kashe ƙwayar cuta da yawan wanda kike yi a mako.

Sakamako kuma a rubuta shi da ma'auninsa, misali 4.32/5.00. Wanda ya saba da ma'aunin 4.00 zai ruɗe idan ya ga 4.32 shi kaɗai. Kada ki juya makin da kanki zuwa nasu, kuma ya zama daidai da abin da ke takardar sakamakonki ta jami'a, don za su haɗa su duba. Kyauta ma tana son bayani: wa ya bayar, a wace shekara, cikin mutum nawa. "Ta ɗaya cikin ɗalibai 85 na sashe" ta fi "gwarzuwar ɗaliba" nauyi nesa ba kusa ba.

Shugabanci ba sunan muƙami ba ne. "Sakatariyar ƙungiyar ɗalibai" kawai ba ta nuna komai. Idan lokacin hidimar ƙasa kin haɗa 'yan rukuninki kuka koyar da tsabtace ruwa a makarantu uku, wannan shi ne abin rubutawa, ko da ba a taɓa ba ki kujera ba.

Sai dai tallafin ma ba iri ɗaya ba ne. Chevening na Birtaniya yana neman gogewar aiki ta aƙalla shekara biyu, kuma ya fi karkata ga shugabanci, don haka a can aikinki na asibiti ba abin turawa baya ba ne. Shirye-shiryen DAAD na Jamus da na Erasmus Mundus da dama suna buƙatar Europass, wato tsarin rubuta CV na Tarayyar Turai, wasu har da sa hannu da kwanan wata. In an faɗi tsari, a bi shi. In ba a faɗa ba, shafi biyu sun ishe ki, ki cire addini, jihar asali da batun aure, ki tura ta a PDF mai ɗauke da sunanki.