Jadawalin bita na sati huɗu: a bi babi ko a bi shafi?

Tambaya daga wani ɗalibi a Tawa: "Ina Terminal D, sati huɗu suka rage a yi Bak. A SVT porogaram babi 8 ne, amma darussan da aka turo mana a waya sun kai shafi 240. Babin haihuwa shafi 70 ne, jenetik kuwa 18 kawai. Awa biyu nake iya ba SVT a rana. In raba kwanakin babi-babi, ko in ƙirga shafuka in raba?"

Ƙanena, kafin a zo ga rabo, sai mun san abin da za a raba. Kwana 28 ɗin nan ba duka ne naka ba. Ware kwana ɗaya a kowane sati, Juma'a ko Lahadi, kada ka rubuta komai a kansa. Ranar biyan bashi ce, domin dole wata rana a ɗauke wuta, ko a aike ka, ko zafi ya hana kai aiki. Satin ƙarshe kuma na tsofaffin suje ne, ana yin su da agogo a gaba. Abin da ya rage na karatu kwana 18 ne, wato awa 36. A kan wannan za mu gwada hanyoyin biyu.

In ka bi porogaram, kowane babi ya samu awa huɗu da rabi. Alherin wannan hanya ɗaya ne, amma babba ne: ba babin da zai kuɓuce maka. Masu tsara jarrabawa daga porogaram suke ɗauko tambaya, ba su san abin da ke cikin wayarka ba. Idan malaminku bai kai ga babin ƙarshe ba saboda shekara ta ƙure, ko babu wanda ya ɗauki hoton kayensa ya turo, porogaram ne kaɗai zai tona maka wannan rami. Aibinta shi ne ta ɗauki babi duk ɗaya. Wani babin za ka gama shi a awa biyu ka zauna kana jujjuya takarda, wani kuma awa huɗu da rabi ko rabinsa ba za su kai ka ba.

In ka bi shafi, lissafin ya fi daɗin gani: 240 a raba 18, shafi 13 da ɗan ɗori a rana. Kullum dare kana iya cewa na cika ko ban cika ba, shi ya sa ɗalibai suka fi son ta. To amma duba inda take kai awoyinka. Babin haihuwa zai kwashe awa goma da rabi, jenetik kuwa ko awa uku ba zai cika ba. Babin da babu shafinsa a waya, sifiri.

Nan ne nake ganin wannan hanya ta fi cutarwa, don shafi da shafi ba ɗaya ba ne. Shafukan haihuwa yawancinsu bayani ne da zane: sassan jiki, matakan samuwar ƙwayoyin haihuwa, hawa da saukar sinadaran jiki a cikin wata. Ana karantawa, a rufe, a sake zanawa da ka. Jenetik kuwa darasinsa gajere ne, aikinsa ne mai tsawo. Cikin minti goma za ka haddace cewa haɗin hali ɗaya yana ba da 3 da 1 a zuriya ta biyu, na hali biyu kuma 9, 3, 3, 1. Ranar jarrabawa ba wanda zai ce ka faɗo su. Za a ba ka adadin ƙudaje ko na ƙwayoyin masara, kai ne za ka mai da su kaso, ka gane wane hali ne ya rinjayi wani, ka gane ko halayen biyu a kan koromozom ɗaya suke. Idan gwajin haɗi, wato haɗa ɗan zuriyar farko da mai halayen da aka rinjaya, ya ba da kashi huɗu daidai wa daida, rabe suke. Idan biyu sun yi yawa biyu sun yi kaɗan, haɗe suke, sai ka lissafa tazararsu. Ga kuma bishiyar dangi, inda ake neman ko cutar tana bin koromozom X. Egzarsis ɗaya irin wannan yana iya cin rabin awa ko fiye ga wanda hannunsa bai faɗa ba. Awa uku ke nan egzarsis biyar ko shida, ba tare da ka karanta darasin ba.

Sannan shi kansa 240 ɗin, ban yarda da shi ba sai an tace. Fayilolin da ake turawa tarkace ne: darasin malamin lise kaza, na malamin wata lise a kan babi guda, hoton kaye mai manyan haruffa wanda shafinsa uku ba su kai shafi ɗaya da aka buga ba, wani lokaci har da na tsohon porogaram. Wanda ya ƙirga su duka kamar mai auna gero ne da ƙaiƙayinsa.

Ni dai ga yadda zan yi da a ce ni ne kai. Yau da dare ka ɗauki takarda, ka jera babi takwas ɗin kamar yadda suke a porogaram. Gaban kowanne ka rubuta fayil ɗaya tak da za ka bi, wanda ya fi kusa da abin da malaminku ya koyar, da yawan shafinsa. Sauran ka bar su, sai in wani wuri ya shige maka duhu. Babin da ka ga gabansa fayau, gobe ka nemi kayen wani ka yi fotokopi.

Daga nan ka auna saurinka, kada ka ƙiyasta. Ka karanta na rabin awa, ka rufe, ka rubuta abin da ka riƙe, ka ga shafi nawa ka ci da gaske. A ce bayan tacewa shafuka sun dawo 150, kai kuma kana cin shida a awa. Karatu ya ɗauki awa 25, saura 11 na egzarsis. A cikinsu zan ba jenetik bakwai, a haɗa da awa ukun karanta darasinsa, ya zama awa goma, kwana biyar. Babin haihuwa, in ya sauko shafi 40, bai kai awa bakwai ba. Ka ga rabon ya juye gaba ɗaya, kuma ba ɗaya daga hanyoyin biyu da za ta kai ka nan ita kaɗai.

Jenetik ɗin kuma kada ka jera kwana biyar ɗin a wuri guda. Uku a satin farko, sauran biyun ka watsa su a sati na biyu da na uku, don hannu yana mantuwa. Irin wannan aiki ya fi kyau a tabulo da abokai biyu ko uku bayan Isha'i, muddin zaman bai rikiɗe ya koma fada da shayi ba. Haddar zane kuwa bayan Asuba, kai kaɗai.

Ranar hutun satin farko ka duba takardar. In bashin kwana ɗaya ne, ka biya shi a ranar. In ya kai biyu, saurin da ka auna ne ba daidai ba, sai ka sake lissafi da shafi biyar a awa, ka rage daga babin da ka fi sani, ka wuce shi da tsofaffin suje kawai. Kada ka ciro awoyin daga satin ƙarshe, kuma kada ka ciro su daga lissafi da fizik, don su ma kowefisiyansu yana jiranka.